Aikin sarƙar Hajiya: abin da nake rubutawa a littafin shago

Litinin, 6 ga Janairu, 2025

Wata Hajiya daga Tudun Wada ta zo shago da hantsi, da sarƙar gwal a ƙulle cikin hankici, ta tsinke gida biyu. Ta ce a Makka ta saye ta shekarar da ta sauke farali, kuma ita take so ta sa wa autarta a wuya ranar kai amarya, cikin watan Sha'aban. "Malam, liƙa mini kawai, zan shiga kasuwa in dawo in karɓa."

Na ce, "Hajiya, zauna tukuna mu auna."

Ba na taɓa gwal ɗin kowa sai na auna a gabansa. Sarƙar da maɓallinta, ban da kan sarƙa, giram 13.40. Kan sarƙar shi kaɗai giram 5.10. Na jera gutsuren biyu a kan ma'auni, tsawo santimita 55. Na sa yaron shagona ya ƙirga gaɓoɓi, ni ma na sake ƙirgawa, 208 har da wadda ta tsinke. Na rubuta duka a takarda biyu, ta riƙe ɗaya. Wanda zai kai gyara ko ina ne, wannan ya kamata ya fara nema. In babu nauyi da tsawo a rubuce, ranar karɓa babu abin da za a yi musu a kansa sai rantsuwa.

A jikin maɓalli an buga 875, wato karat 21: kashi 875 cikin dubu zinare ne, sauran tagulla da azurfa. Amma hatimin maɓalli shaidar maɓalli ce kawai, don ana canza shi. Na goga wata gaɓa daga tsakiya a dutsen gwaji, na ɗiga ruwan gwaji, zanen ya tsaya daram. Gwal ɗin na ƙwarai ne.

Da na sa gilashi a ido sai na ga ba aikin minti goma ba ne. Na ce ta ba ni mako biyu. Ba ta ji daɗi ba, amma ta bari.

Talata, 7 ga Janairu

Yau na zauna da sarƙar sosai, a bakin ƙofa inda haske yake. An taɓa gyara ta sau biyu, kuma hannu biyu daban.

Gyaran farko yana maƙwabtaka da inda ta tsinke. Gaɓa uku ne suka manne suka zama sanda ɗaya. Wurin liƙin ya yi fari-fari mai duhu, kamar tsohon cokali. Sinadarin azurfa ne, wato ƙarfen liƙin da ake yi wa awarwaron azurfa da shi. Ya fi na gwal araha nesa ba kusa ba, kuma yana da saurin gudu, shi ya sa mai gaggawa yake son sa. An zuba da yawa, ya malale ya cika tsakanin gaɓoɓi. Sarƙa kuwa rayuwarta motsi ce, kowace gaɓa tana ɗan juyawa a cikin 'yar'uwarta, nauyi ya rarrabu. Da zarar uku sun sandare, duk lanƙwasar da ya kamata su raba sai ta taru a kan ta huɗu. Ita ce ta yi ta cin wahala har ta sirance ta rabu. To ka ga wanda ya yi wancan gyaran shi ya shuka wannan tsinkewar, ko da yake shekaru sun shiga tsakani.

Na biyun ya fi ɓata mini rai. Yana kusa da maɓalli, gaɓa biyu. Da ido launinsa lafiya lau, don an shafa masa ruwan gwal. Sai dai akwai ɗan ƙullutu. Na sa bakin allura na kankara, sai ga toka-toka mai taushi a ƙasa, allura tana shiga kamar a sabulu. Dalma ce, irin wadda masu gyaran rediyo suke liƙa waya da ita.

Dalma a jikin gwal guba ce. Irin ta rediyo tana narkewa tun zafi bai kai digiri 200 ba, shi kuwa zinare tsantsa sai 1064, karat 21 ma yana bukatar sama da 900. In na kai wutar liƙin gwal kusa da wurin nan, dalmar za ta shige cikin gwal ɗin ta ci shi, ya yi ramuka, ya zama mai gautsi kamar busasshen kara. Da na biye wa Hajiya jiya na hura wuta ba tare da dubawa ba, da yanzu ina neman bakin da zan yi mata bayani. Ba a wanke irin wannan a gaɓa 'yar ƙarama. Yankewa ake yi.

Gaɓa shida ke nan za su fita: wadda ta tsinke, uku na azurfa, biyu na dalma.

Kan sarƙar ma da nasa ciwon. Ƙawanyar da sarƙa take ratsawa ta cinye daga ciki, saura ƙiris. Shi kuma holoƙo ne, bangonsa siriri, ga jajayen duwatsu na gilas da aka manna da gam. Wuta ba za ta je nan ba. Na ajiye shi gefe.

Alhamis, 9 ga Janairu

Hajiya ta zo da 'yarta. Na ba su gilashin suka duba da kansu. Amarya ce ta fara ganin dalmar, idon yaro.

Na ba Hajiya zaɓi biyu. Ko in cire shidan in haɗa, sarƙa ta rage tsawo da kamar santimita ɗaya da rabi, ko in ƙera sababbin gaɓoɓi shida. Ta ce ba a rage wa amarya kaya. Ta ciro wani ɗan kunne ƙwaya ɗaya da ɗan'uwansa ya ɓata tun tuni, giram 1.10. Na gwada shi a dutse, shi ma 21 ne, kuma launinsa ya zo ɗaya da na sarƙar. Wannan sa'a ce, don karat ɗaya ba ya nufin launi ɗaya. Wani 21 ɗin tagullarsa ta fi yawa ya yi ja-ja, wani azurfarsa ta fi ya yi haske.

Na yanke shidan a gabanta. Giram 0.38, na naɗe a takarda na ba ta, na ce kada a haɗa su da wani gwal in za a narka, saboda dalmar. Sarƙa ta koma 13.02.

Asabar, 11 ga Janairu

Ranar jan waya. Na gutsure sandar ɗan kunnen inda akwai tsohon liƙi, na narka sauran ya zama ɗan dunƙule kamar ƙwayar wake, na buga shi ya miƙe, sannan na shiga ja ta farantin ƙarfe mai huji-huji, daga babban rami zuwa ƙarami. Gwal yana taurara in ana jansa, don haka bayan rami biyu ko uku sai in gasa shi ya yi ja kaɗan ya saki. Kaurin wayar sarƙar, a inda ba ta ci ba, milimita 0.7 ne, a nan na tsaya. Ragowar na ci gaba da ja har ta kai kamar 0.3, don ina da niyya a kanta.

Na naɗa wayar a kan ɗan ƙarfe mai siffar cikin gaɓa, na yanka da zarto siriri. Ba na yanka da almakashi ko filaya, don suna matse bakin waya ya yi tsini, baki biyu ba za su haɗu sosai ba. Na yi takwas, biyu na ko-ta-kwana.

Litinin, 13 ga Janairu

Liƙi. Bari in rubuta shi dalla-dalla, don yaron nan ya karanta.

Abu na farko, bakin gaɓa ya haɗu har in ka ɗaga ta a haske ba ka ganin tsaga. Sinadari ba ya cike rami. Shi dai yana bin siririyar tsaga ne yadda kananzir yake bin lagwani. In akwai gibi, ko ya ƙi shiga, ko ya yi gada siririya da za ta karye. Yawancin ƙullutun da ake gani a gyaran banza daga nan yake: baki bai haɗu ba, sai a yi ta ƙara sinadari don a rufe.

Na biyu, tsabta. Sarƙar da ta shekara goma sha a wuya cike take da mai da turare da sabulu. Na dafa ta a ruwan omo na goge da buroshi tun jiya. Sannan hodar boras da aka dama da ruwa, a ɗiga a bakin kawai. Ita take hana wurin yin baƙi a wuta, ta buɗe wa sinadari hanya.

Na uku, yawan sinadarin. Na gwal nake amfani da shi, mai karat 21, wanda aka haɗa shi yadda zai riga sarƙar narkewa. Ɗan abin da nake yankowa bai kai rabin ƙwayar riɗi ba. Masu yawa suna sa na 18 a kan 21 don ya fi sauƙin sarrafawa. Ba zan kira shi ha'inci ba in an gaya wa mai kaya, amma wurin yakan ɗan fi haske. A kiyayi tsohon sinadari mai kadmiyam, hayaƙinsa yana lalata huhu.

Gaɓar da zan liƙa nakan kama ta da hantsaki, bakinta a sama, maƙwabtanta su rataya ƙasa nesa da bakin. Nakan shafa musu jar ƙasa da aka dama, don sinadari ba ya gudu a kan datti. Wuta 'yar siririya, kuma gaɓar nake zafafawa, ba sinadarin ba. Sinadari zafi yake bi. In gefe ɗaya ya fi zafi, can zai tafi ya bar tsagar. In duka biyun sun yi daidai, sai ka ga ya yi wal ya shige. A wannan ƙiftawar ake janye wuta. Ka ƙara daƙiƙa ɗaya, gaɓar kanta ta dunƙule.

Huɗun da za su maye gurbin ukun azurfa da wadda ta tsinke na haɗa su a gefe tukuna, sannan na ɗaura su a sarƙa. Biyar sun tafi lafiya. A ta shida, wajen maɓalli, na yi abin da na zagi wani a kansa ranar Talata. Iskar hunturu ta turo ƙofa, harshen wuta ya karkata, ni kuma ban shafa ƙasar sosai ba don ina sauri in tafi azahar. Sinadari ya gangara ya manne sabuwar gaɓa da 'yar'uwarta. Yaro ya ce, "Maigida, ai ba a gani." Gaskiya ne, ba a gani. Amma da na ja ta tsakanin yatsu sai na ji ta tsaya. Na yanke, na goge ɗan abin da ya taɓa ta kusa, na sa ɗaya daga cikin na ko-ta-kwana. Asarar a kaina take.

Maɓallin kuwa tun farko na cire shi. A cikinsa akwai ɗan sifirin na baƙin ƙarfe, in ya sha zafi ya mutu, harshen maɓalli ya daina komawa. Haka kuma ruwan alam mai ɗumi da nake jiƙa aiki a ciki don ya cinye boras da baƙin wuta, wannan alam ɗin dai da ake tace ruwa da shi, yana cin baƙin ƙarfe. Sau nawa ake kawo mini sarƙa an ce "daga gyara maɓalli ya lalace". Dalilin ke nan.

Laraba, 15 ga Janairu

Na mai da maɓalli. Ƙawanyarsa na liƙe ta, na riƙe jikin maɓallin cikin jiƙaƙƙen auduga. Wasu suna barin ta a matse kawai, wai in an fizgi sarƙa ta buɗe a nan maimakon ta yanki wuya. Ga sarƙar yara na yarda. Ga giram goma sha uku na gwal a cunkoson biki, ban yarda ba.

Sikeli kafin gogewa: 13.39. Wato 13.02, da sababbin gaɓoɓi 0.35, da sinadari kamar 0.02. Bayan gogewa 13.36. Gogewa tana cin gwal, shi ya sa nake yin ta da hannu, sama-sama. In aka dawo maka da sarƙa tana walƙiya kamar sabuwa amma ta rage rabin giram, tambayi inda ya tafi. In kuma ta ƙaru da yawa ba tare da an ƙara gaɓa ba, wani ƙarfe aka loda mata.

Asabar, 18 ga Janairu

Na shiga mota a Kwangila da sassafe zuwa Kano da kan sarƙar. Akwai wani saurayi da ya sayi injin leza, shi nake kai wa abin da wuta ba ta iyawa.

Injin akwati ne mai ramuka biyu da ake zura hannu, da madubin hange a sama. Da yatsunsa yake riƙe kayan, ya saita a kan alamar da yake gani, ya taka feda. Haske ne yake fita, ɗigo ɗaya da bai kai milimita ba, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Wurin kaɗai yake narkewa, kusa da shi ko ɗumi sosai ba ya yi. Shi ya sa gam da gilas suke tsira, in dai an kare su daga hasken kansa. Nan babu sinadari. Gwal ɗin ne yake narkewa ya haɗu da gwal, walda ce ta gaske.

Mutane sun ɗauka da an ce leza magana ta ƙare. Ba haka ba ne. Sinadari yana ratsa tsaga har ciki da kansa, leza kuwa iyakar inda hasken ya kai nan ta narkar. Mai gaggawa zai bi saman tsaga da ɗigo-ɗigo, fata ta rufe, ciki a buɗe. A goge, ya yi kyau, wata uku ya rabu. Aikin kirki shi ne a ɗan buɗe bakin, a fara daga can ƙasa, a riƙa cikowa da waya mai karat ɗaya har a zo sama. Gwal mai karat da yawa kuma yana mai da haske baya, yana kwashe zafi da sauri, don haka sai an ƙara wa injin ƙarfi, a bango siriri kuwa ƙarfi kaɗan ya wuce sai huji.

Namu ba tsaga ba ce, ciko ne. Na ba shi wayar 0.3 da na ja daga ɗan kunnen Hajiya, don launi ya zo ɗaya kuma in san abin da aka sa. Ya yi zagayen farko ya miƙo. Da gilashi na ga ƙananan ramuka uku kamar bakin allura, kuma tsakiyar ƙawanyar har yanzu ta fi gefe sirantaka. Na ce, "Ɗana, ƙara mini a nan, ka bi ramukan nan." Ya yi dariya ya ce, "Baba, ku dai ba a burge ku." Ya rage ƙarfi, ya faɗaɗa ɗigon, ya bi ya lallashe su, ɗigo yana hawa rabin ɗigo kamar ɓawon kifi. Minti ashirin duka. Kan sarƙa ya tashi daga 5.10 zuwa 5.16, duwatsu ba abin da ya same su.

A hanyar dawowa na yi ta tunanin ko da na kawo sarƙar ma nan. Da ban manne gaɓa ba ranar Litinin, wannan gaskiya ne. Amma ga gaɓa mai waya cikakkiya irin wannan, liƙin wuta da aka yi daidai ba ya jin kunyar leza. Inda leza ta yi mana nisa shi ne holoƙo, da sarƙa mai tufka siririya, da kusa da dutse ko sifirin.

Litinin, 20 ga Janairu

Na goge cikin ƙawanyar ya yi sumul, don ciko mai kaushi zarto ne ga sarƙar da za ta riƙa gogarsa.

Da yamma Hajiya da amarya suka zo. Kafin in nuna musu inda na yi aiki, na ce amarya ta nemo da kanta. Na ce ta rufe ido ta ja sarƙar a hankali tsakanin babban yatsa da manuni, daga maɓalli zuwa maɓalli, ta faɗa in ta ji ƙullutu ko kaifi ko wurin da ya tsaya. Ta ja sau biyu ba ta ji ba. Na ce ta riƙe ta a tsaye ta sauke ta a tafin hannu sannu-sannu. Sarƙa lafiyayya tana taruwa kamar ruwa, mai sandararren wuri sai ka ga wani yanki ya tsaya ya yi kwana. Ta bi ta kan mayafinta, ba ta kama zare ba. Sannan muka fita waje, don fitilar shago tana ƙawata komai, muka shimfiɗa ta a farar takarda ta duba launi da gilashi. A nan ta gano biyu daga cikin shidan, ba don liƙin ba, sai don sun fi tsofaffin kauri. Na ji daɗin wannan. Ta ja da ɗan ƙarfi a wuraren, ta buɗe maɓalli ta sake shi sau goma, yana komawa da ƙas.

Na gaya wa Hajiya abu ɗaya da yau ba zai nuna ba. Ruwan alam yana cinye tagullar saman gwal ya bar fatar rawaya, wasu kuma suna ƙarawa da ruwan gwal. Saboda haka launin ranar karɓa ba shaida ba ce cikakkiya. Ta sa ta mako uku ko huɗu, da zufa da wanka, in wani wuri ya yi fari ko baƙi ta dawo mini da ita, ba ko kwabo.

Sikeli: sarƙa 13.36, kan sarƙa 5.16, tsawo 55, gaɓa 208. Ragowar ɗan kunne da gaɓa ɗaya da ta rage, giram 0.58, na ba ta a takarda.

Asabar, 25 ga Janairu

Abin da amarya ta gani ranar Litinin ya hana ni sakat, wato sababbin sun fi tsofaffin kauri. Na aika aka karɓo sarƙar na bi ta gaɓa-gaɓa, ina tura kowace biyu su buɗe don in ga inda suke gogar juna. A tsakiya, inda kan sarƙa yake zama, na sami tara da suka ci sosai. Wayar da ta fara a 0.7 ta koma kamar 0.4 a lungun. Daga waje ba a ganin komai, don cin yana ɓoye a inda gaɓa ta rufe gaɓa. Ya kamata in gan su tun ranar 7 ga wata, tsofaffin gyaran ne suka ɗauke mini hankali.

Na kira Hajiya na gaya mata. Ragowar gwal ɗinta 0.58 ne, sababbi tara za su ci kamar 0.53, ga abin da zarto da wuta za su ci, da ƙyar ya isa sai an haɗa da tsofaffin da za a cire. Ko kuma a kai Kano a cike lungunan da leza, wuri goma sha takwas, ba a yanke komai ba. Ta ce za ta yi shawara da Alhaji, amma biki saura mako uku. Na ce in an bar ta haka za ta kai biki, sai dai kada a kwana da ita a wuya, kada kuma a ba jariri ya ja. Na ɗaura jan zare a farkon taran da ƙarshensu, na sa ta a ambulan da nauyinta a rubuce. Ta ce za ta kira ran Talata.